Noma Da Zamani: Taswirar Gona Daga Sama Ba Ta Tsayuwa Sai Da Turke A Ƙasa

Duk wanda ya san ƙasar Potiskum ya san cewa gonakinta shimfiɗaɗɗu ne, ido ba ya iya rarrabe tudu da gangare sai ruwan sama ya sauka. A lokacin ne manomi ya kan ga gefe guda na gonarsa ya zama tafki gero ya yi ɗorawa, wani gefen kuma ruwa ya kwashe taki ya bar rairayi. Wannan ne ya sa waɗansu manyan manoma da ƙungiyoyin gama kai suka fara tunanin ɗauko masu ƙananan jiragen nan marasa matuƙa, domin a ɗauki hoton gona daga sama, a fitar da taswirar da za ta nuna iyakarta da faɗinta da kuma inda ruwa ke bi. Filin wannan mako zai duba yadda ake shirya irin wannan tashi, tun daga tsayin da jirgin zai yi, da yadda hotuna za su hau kan juna, har zuwa alamun da ake kafawa a ƙasa.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kyan taswira ba shi ne gaskiyarta ba. Jirgi na iya tashi ya sauka lafiya, manhaja ta haɗa hotuna su fito tsaf har a ga kunya-kunya, amma taswirar ta zama kyan ɗan maciji. Gaskiyarta tana rataye ne a kan shirin da aka yi kafin farfelar jirgin ta juya.

IZINI KAFIN KOMAI

A jihar Yobe shirin ba daga gona ya ke farawa ba, daga ofis ya ke farawa. Tun a shekarar 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta ba da sanarwar cewa ba a yarda kowa ya tashi jirgi maras matuƙi ba sai da izininta, da kuma amincewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Daɗin daɗawa, a watan Janairu na 2025 rundunar Haɗin Kai, wadda ke yaƙi da 'yan tada ƙayar baya a arewa maso gabas, ta haramta tashin irin waɗannan jirage ba da izini ba a jihohin Borno da Yobe da Adamawa. Saboda haka tambayar farko da mai gona zai yi wa mai jirgi ita ce ina takardunsa, kuma ko jami'an tsaron yankin sun san ranar da wurin da za a yi aikin. Bayan haka sai a sanar da mai unguwa da maƙwabtan gona, don kada jama'a su ga abu yana shawagi a kansu hankalinsu ya tashi. Wanda ya tsallake wannan mataki yana iya rasa jirginsa, shi kansa kuma ya kwana a hannu.

GONAR MISALI

Domin bayani ya fito fili, a ɗauka akwai wata gona a gefen hanyar da ta tashi daga Potiskum zuwa Fika. Tsawonta mita 500 ne, faɗinta mita 400, watau hekta 20 ke nan, ko kuwa kusan eka 50. A cikinta akwai kuka da tsamiya 'yan kaɗan. Mai gonar yana son abu biyu. Na farko, ya san ainihin faɗinta domin lissafin iri da taki da kuɗin tarakta. Na biyu, ya san inda ƙasar ta karkata domin ya ja shingen tare ruwa a inda ya dace. A ɗauka kuma daga wannan ƙarshen gonar zuwa wancan, gangarenta bai wuce mita ɗaya ba.

Wannan bukata ta biyu ita ce mai wuya. In gangaren gona duka mita ɗaya ne a cikin mita 500, taswirar da ta yi kuskuren rabin mita a tsayin ƙasa ba ta da amfani, domin tana iya nuna tudu a inda babu shi, a kashe kuɗi a ja shinge, damina ta zo ruwa ya bi ta bayansa. Ke nan tun kafin a taɓa jirgi an riga an san ma'aunin aikin: kuskuren tsayi kada ya wuce santimita 10.

Jirgin da za a yi misali da shi shi ne Phantom 4 Pro na kamfanin DJI, wanda ya fito a 2016, kuma masu wannan sana'a suka daɗe suna aiki da shi. An zaɓe shi ne don lissafinsa mai sauƙi ne. Kowane hoto da kyamararsa ta ɗauka yana da ɗigo 5472 a faɗi da 3648 a tsawo, sa'an nan in kyamarar ta dubi ƙasa tsaye, tsawon abin da ta gani daidai ya ke da tsayin jirgin, faɗinsa kuma ninki ɗaya da rabi.

TSAYIN TASHI

Hoto irin na zamani tarin ƙananan ɗigo ne. Tambayar da tsayin jirgi ke amsawa ita ce, ɗigo ɗaya ƙasa nawa ya rufe? A allon manhajar shirya tashi ana rubuta wannan ma'auni da haruffa uku, GSD. Ga wannan kyamara ƙa'idar ita ce, kowane mita 36 da rabi na tsayi yana ƙara santimita ɗaya a kan girman ɗigo. In jirgin ya hau mita 100, kowane ɗigo ya rufe santimita 2.7 na ƙasa, hoto ɗaya kuma ya ɗauki fili mai faɗin mita 150 da tsawon mita 100. In ya tsaya a mita 50, ɗigo ya koma santimita 1.4, amma filin da hoton ya ɗauka ya ragu zuwa mita 75 da mita 50.

Sabon shiga ya kan ɗauka cewa sauka ƙasa-ƙasa ya fi, tun da hoton ya fi fitowa. Amma wannan zaɓi yana da tsada. In aka rage tsayi da rabi, yawan hotuna ba ninki biyu ya ke yi ba, kusan ninki huɗu ya ke yi, domin faɗi ya ragu, tsawo ma ya ragu. Bayan wannan akwai matsalar da ta fi ta lokaci. Manhajar da ke haɗa hotuna tana neman abubuwan da za ta gane a hoto biyu ne, kamar tushen kara ko dutse ko bakin hanya. A gonar rairayi da aka share, hoton da aka ɗauka daga kusa yana iya zama yashi zalla, ba abin kamawa. Daga mita 100 kuwa, da wuya hoto ya rasa itace ko turba ko kunyar da ta bambanta da sauran.

Itatuwa ma suna da nasu hukunci. Kukar da ta kai mita 15 ta fi ƙasa kusa da kyamara, saboda haka hotunan da suka hau juna sosai a ƙasa ba su hau juna haka a kanta ba. Daga mita 100 ragin ba shi da yawa, amma daga mita 50 ya isa ya sa itatuwan su fito a taswira a yamutse. Har ila yau a tuna cewa jirgin yana auna tsayinsa ne daga wurin da ya tashi, ba daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba. A shimfiɗaɗɗiyar gona wannan ba damuwa ba ne, amma wanda ya nufi kudu wajen duwatsun Fika dole ya tashi daga wuri mai tudu, ya kuma sa bambancin tudu da kwari cikin lissafinsa. Iyakar da aka saba gindaya wa ƙananan jirage ita ce ƙafa 400, kimanin mita 120. Ga gonar misali, mita 100 ya wadatar.

HAWAN HOTUNA KAN JUNA

Kafinta ba ya jera kwanon rufi baki da baki, sai ya ɗora wani kan wani don kada ruwa ya samu hanya. Haka hotunan taswira su ke, sai dai hawansu ya fi na kwano nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne, hoto ɗaya ba ya nuna tsayin ƙasa. Sai an ga wuri guda daga kusurwoyi daban-daban sa'an nan manhaja ta iya lissafa nisansa, kamar yadda idanu biyu ke ba mutum sanin nisan abu.

Hawan iri biyu ne. Akwai na gaba, tsakanin hoto da wanda ke biye da shi a layi ɗaya, akwai kuma na gefe, tsakanin layi da maƙwabcinsa. A zamanin da ake ɗaukar hotunan ƙasar nan da manyan jirage domin zana taswirorin gwamnati, abin da aka saba shi ne kashi 60 cikin ɗari a gaba da kimanin kashi 30 a gefe, domin kyamarorin na musamman ne kuma ƙwararren mutum ne ke duba hotunan bibbiyu. Ƙaramin jirgi kuwa iska na kaɗa shi, kyamararsa ƙarama ce, mai haɗa hotunan kuma na'ura ce da ke bukatar ganin abu sau da yawa. Shi ya sa a gona ake sa kashi 80 a gaba da kashi 70 a gefe.

Ga yadda lissafin ya ke. Tsawon hoto mita 100 ne, kashi 80 nasa zai maimaitu, saura mita 20. Ke nan jirgin zai ɗauki hoto bayan kowane mita 20. Faɗin hoto mita 150 ne, kashi 70 zai maimaitu, saura mita 45. Ke nan tazarar layi da layi mita 45 ce. Da wannan tsari kowane tushen gero a tsakiyar gonar zai fito a hotuna kimanin goma sha biyar.

A bakin gona ne adadin ke raguwa, domin babu layin da ke bayansa, kuma a nan ne iyakar da ake son sani ta ke. Maganin abin shi ne a sa jirgin ya zarce iyaka. A ja layukan bisa tsawon gonar don a rage yawan juyawa, a ƙara mita 50 a kowane ƙarshe, kowane layi ya zama mita 600 mai hotuna 31. Layuka 11 za su rufe faɗin mita 450, watau sun zarce gonar da mita 25 a kowane gefe. Jimillar hotuna 341 ke nan, tafiyar kuma ta ɗan haura kilomita 7.

Saura gudu. In jirgin yana cin mita 8 a daƙiƙa, zai ɗauki hoto kowace daƙiƙa biyu da rabi, kyamarar kuwa tana bukatar kamar daƙiƙa biyu tsakanin hoto da hoto, saboda haka ba za ta tsallake ko ɗaya ba. Tafiyar za ta ci kusan minti 15, in aka haɗa da hawa da juye-juye da sauka ta doshi minti 20. Ko da ya ke kamfanin ya rubuta minti 30 ga batir ɗaya, a gona cikin iska da zafi ba a dogara da fiye da minti 20, don haka mai hankali zai zo da batir biyu ko uku. Da an zaɓi mita 50, da hotunan sun kai kusan 1,300, dole kuma a rage gudu, aikin ya ci fiye da minti 40.

Abu na ƙarshe a nan shi ne saurin ƙiftawar kyamara. In an sa ta a `1/1000`, jirgin zai matsa milimita 8 kawai yayin ɗaukar hoto, ƙasa da sulusin ɗigo, hoto ya fito garau. In haske ya yi ƙaranci ta sauka zuwa `1/200`, matsawar ta kai santimita 4, ta wuce ɗigo guda, hoton ya yi dishi-dishi, ribar lissafin da aka yi duk ta zube.

TURAKU A ƘASA

Yanzu an zo ga zuciyar aikin. Jirgin yana rubuta wa kowane hoto matsayinsa da taimakon taurarin ɗan'adam, amma na'urar da ke cikinsa ba ta fi ta wayar hannu da yawa ba. Tana iya kaucewa da mita biyu ko uku a kwance, a tsaye kuwa fiye da haka. Taswirar da ta dogara da wannan kaɗai kamar saniya ce da ba a ɗaure ba, tana nan cikin garke amma ba a san takamaiman inda ta tsaya ba. In iyakar da ke da tsawon mita 500 ta matsa da mita 3, an ci ko an rasa fili mai murabba'in mita 1,500, fiye da sulusin eka, kuma a kan abin da bai kai haka ba maƙwabta sun sha zuwa gaban alƙali.

Akwai cutar da ta fi wannan ɓoyuwa, kuma shimfiɗaɗɗiyar gona ta fi kamuwa da ita. Gilashin kowace kyamara yana ɗan lanƙwasa hoto, manhaja kuma tana ƙiyasta wannan lanƙwasa ne daga hotunan kansu. In duk hotunan an ɗauke su daga tsayi ɗaya, suna duban ƙasa tsaye, a layuka masu bin juna, ƙiyasin na iya kaucewa kaɗan, sai gonar ta fito a taswira kamar ƙwarya a kife, tsakiya ta yi doro gefuna sun sauka, ko kuwa kamar kasko. Doron yana iya kai rabin mita ko fiye, alhali a hoton ba a ganin alamar komai. Ga manomin da gangaren gonarsa mita ɗaya ne, wannan doro na ƙarya ya isa ya juya masa hanyar ruwa gaba ɗaya.

Maganin cututtukan biyu shi ne turke. Turke a nan alama ce da ake shimfiɗawa a ƙasa kafin tashi, wadda za ta fito sarai a hoto, a kuma auna matsayin tsakiyarta da na'urar safiyo. A allon manhaja sunansa GCP. Ana yin sa da falle na katako ko tamfol mai faɗin santimita 60 ta kowane gefe, a raba shi gida huɗu, baƙi da fari suna fuskantar juna, ta yadda mahaɗarsu za ta zama tsakiya. Daga mita 100 wannan alama za ta ci ɗigo kamar 22 a faɗi, ta isa a gane tsakiyarta ba da kokwanto ba. Fentin kada ya zama mai sheƙi, domin ranar Yobe tana sa farin ya cinye baƙin. A kafe kusurwoyinsa da ƙusa doguwa, a wuri shimfiɗaɗɗe nesa da inuwar itace.

Ga gonar misali turaku bakwai sun isa: huɗu a kusurwoyi, biyu a tsakiyar dogayen gefuna, ɗaya a cibiyar gona. Na cibiyar shi ne ke danne doron, kuma shi ne aka fi yin kasalar kaiwa, domin sai an taka zuwa tsakiya da kaya a ka. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera turaku a bakin hanya inda mota ke iya zuwa. Turakun da ke kan layi ɗaya ba su hana taswira karkata, kamar yadda gado ba ya tsayuwa a kan ƙafafu biyu.

Awon turke ba aikin wayar hannu ba ne, domin kuskurenta ya kai mita uku zuwa biyar. Wanda ya ɗaure taswira da irin wannan awo ya ƙara mata ciwo ne. Ana bukatar na'urar safiyo mai kai biyu, ɗaya a kafe wuri guda, ɗaya a kan sanda ana yawo da ita, wadda kuskurenta bai wuce santimita biyu ko uku ba. In iyaka ake nema, sai a kafa ta farkon a kan kankaren safiyo da gwamnati ta san matsayinsa. In hanyar ruwa kaɗai ake nema, kowane tsayayyen wuri ya yi, muddin duk turakun daga gare shi aka auna su.

A nan akwai wani rami da ƙwararru ma su kan faɗa. Jirgin yana aiki da ma'aunin duniya da ake kira WGS 84, Potiskum kuma tana cikin shiyya ta 32 ta arewa, wadda lambarta a manhaja ita ce `EPSG:32632`. Tsofaffin takardun filaye na Nijeriya kuwa an yi su ne bisa ma'aunin Minna. A wannan yanki bambancin ma'aunan biyu ya kan kai mita 70 ko fiye. In aka ɗauki lambobin wannan aka shigar da sunan wancan, gonar za ta tashi ɗungurungum ta sauka cikin ta maƙwabci. Saboda haka a tambayi mai safiyo da wane ma'auni ya yi awo, a rubuta amsar a kan takardar.

SHAIDU UKU

Bayan turaku bakwai, a shimfiɗa waɗansu alamu uku irinsu, a auna su kamar sauran, amma kada a ba manhaja su ta ɗaure taswira da su. Waɗannan su ne shaidu. Wurinsu shi ne tsaka-tsakin turaku, inda taswirar ta fi rauni. Hikimar abin ita ce, manhaja ta kan tanƙwara taswira har ta dace da turakun da aka ba ta, don haka rahotonta a kansu kullum mai daɗin ji ne. Mutum ba ya zama shaidar kansa. Shaidun da ba ta sani ba su ne za su faɗi gaskiya.

In an gama haɗa hotuna a manhaja irin su WebODM ko Pix4Dmapper ko Metashape, sai a kwatanta tsayin da taswira ta ba kowane shaida da wanda mai safiyo ya auna. A aikin da ya yi kyau, kuskuren kwance ba ya wuce ɗigo ɗaya zuwa biyu, watau santimita 3 zuwa 6 a wannan misali, na tsaye kuma ba ya wuce ɗigo uku, kimanin santimita 8. A ce shaidun sun nuna ɗaya ya haura da santimita 4, ɗaya ya gaza da 3, ɗaya ya haura da 5. Wannan taswira ta ci jarrabawa, ana iya jan shinge da ita. Amma a ce duk ukun sun haura, da 28 da 41 da 32. Kuskure mai fuskantar gefe ɗaya irin wannan alamar doro ce, sai a koma a duba ko an nuna tsakiyar turken cibiya daidai a hotuna. In kuwa shaida ɗaya ne kawai ya kauce da yawa sauran suna daidai, galibi alamar ce aka motsa, ko kuwa an yi kuskuren rubuta tsayin sandar awo.

Rigakafin doro tun a wurin shiri ake yinsa. In akwai batir na biyu, a ƙara tashi a gicciye bisa faɗin gonar, a ɗan karkata kyamara da digiri 15 ko 20 daga tsaye. Hotunan da suka dubi ƙasa a karkace suna taimaka wa manhaja ta gane lanƙwasar gilashinta daidai. Sababbin jirage masu tsarin da ake kira RTK suna sanin matsayinsu da kuskuren 'yan santimita, sun kuma rage bukatar turaku da yawa, amma ba su kawar da bukatar shaidu ba.

WATA DA SA'A

Kyamara ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin ganye. In aka tashi a watan Agusta, tsayin dawa za a auna, ba na ƙasa ba, ga shi kuma iska na kaɗa ganyen, hoto biyu ba su dacewa. Lokacin aikin gangare shi ne bayan kaka, in an kwashe kara ƙasa ta fito. Sai dai a wannan lokaci ne hazon hunturu ke sauka, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma ranar da ƙura ta yi kauri hotuna su kan fito fari-fari, matuƙi ma ya daina ganin jirginsa. A bazara kuwa zafin Potiskum ya kan wuce digiri 40, wanda shi ne iyakar da kamfanin ya gindaya wa wannan jirgi. Saboda haka a zaɓi ranar da gari ya waye garau, a tashi da hantsi wajen ƙarfe goma zuwa sha biyu, lokacin da inuwa ta gajarta. A ajiye batura a inuwa, kada a bar su cikin rufaffiyar mota.

Bayan kaka kuma lokacin shigar dabbobi gonaki ne, a ƙasar da kasuwar shanunta ta yi suna a Afirka ta Yamma. Alamar da aka auna jiya saniya ta taka da dare ta tashi daga turke ta zama tarko. Ƙa'ida ita ce a shimfiɗa, a auna, a tashi, duk a rana ɗaya, a kuma sa yara su tsare. Kafin a naɗe alamun a bar gonar, a buɗe hotunan a ƙirga su, a duba ko akwai layin da ya yi giɓi ko dishi-dishi, a tabbata kowane turke ya fito sarai a hotuna biyar aƙalla. Maimaita tashi a wannan sa'a minti ashirin ne, amma in an riga an koma gari, sabon awo ne da sabon kuɗi.

Daga ƙarshe, ya kamata mai gona ya san iyakar abin da ya saya. Taswirar jirgi, ko da shaidunta sun gaskata ta, ba takardar mallaka ba ce. Zanen fili da hukuma ke karɓa sai wanda mai safiyo mai rajista ya sa wa hannu. Amfaninta shi ne ta nuna masa faɗin da zai sayi taki dominsa da hanyar da ruwa zai bi. In mai jirgi ya kawo aikinsa, kafin a biya shi a yi masa tambaya uku: turaku nawa ya kafa kuma a ina, da wace na'ura aka auna su, sa'an nan me shaidu suka ce. Wanda ya shirya aikinsa zai buɗe takarda ya nuna lambobi. Wanda bai shirya ba zai ce a dubi kyan hoton, alhali Hausawa sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.